Wa zai iya tsayar da aikin famfon? Nazarin wani aikin ruwa a ƙasar Adar

A yawancin garuruwan Adar, a jihar Tawa, ruwa yana da nisa a ƙarƙashin dutse, rijiyoyin hannu kuwa suna ja baya da zarar bazara ta kama. Don haka idan aka ce za a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗora mata shato, wato tankin ruwa na sama, a ja bututu zuwa unguwanni, ba wanda zai tashi a gaban jama'a ya ce ba ya so. Wannan amincewar baki ita ke ruɗar kwamitoci, su ɗauka gari duka yana bayansu, sai an fara aiki su ga an tsaya cak ba tare da kowa ya ce a'a ba. Lamarin da ke tafe misali ne da aka gina a kan abin da ake yawan gani a irin waɗannan ayyuka, kuma lissafin cikinsa na misali ne.

Garin yana da mutum kamar 2,400. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin haƙa da famfo mai aiki da hasken rana, da sharaɗin gari ya ba da fili, ya kuma tara nasa kason na kuɗi. Masu awo sun ce famfon zai ba da lita 8,000 a awa ɗaya, kuma rana mai ƙarfi tana ba shi aikin awa bakwai, wato lita 56,000 a yini. Idan aka lissafa wa kowa lita 20, gari zai sha lita 48,000, abin da ya saura 8,000 ne kacal. A riƙe wannan ragowar a rai, don a kanta ne babbar rigima ta so tashi. An shirya wuraren ɗiba huɗu, an kuma yi maganar sayar da bido mai lita 20 a kan dala biyu, wato sefa goma.

Kwamitin gari, mutum tara, ya zauna da wata jami'ar ƙungiyar don su tsara yadda za su tafi da kowa. Abin da ta kawo musu shi ne jadawalin iko da damuwa, wanda a fannin tafiyar da ayyuka ake yawan danganta shi da wani masani mai suna Mendelow. Ba shi da wuya. Ana ja layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, su gitta juna, a sami gida huɗu. Hawa sama yana nuna ƙarfin mutum a kan aikin, tafiya dama tana nuna yadda aikin ya shafe shi. Mai iko da abin ya dama, da shi ake yanke shawara. Mai iko da abin bai dama ba, ana kiyaye ransa kada ya ɓaci. Wanda abin ya dama amma ba shi da iko, ana sanar da shi, ana jin ta bakinsa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ana sa masa ido daga nesa, ba a ɓata lokaci a kansa. A ƙasa suka zana shi, a zauren maigari, kowace ƙungiya da dutsenta.

Zanen farko bai ɗauki rabin awa ba, kuma bai faɗa musu komai ba. Sarkin ƙasa yana can ƙololuwa, sai magajin gari, sai maigari, sai liman, su kuma mata da yara da makiyaya an zube su a ƙasa a dunƙule da sunan talakawa. Abin da suka zana tsarin zaman ranar suna ne, wa ke kan kujera, wa ke kan tabarma. Girma suka auna, ba iko a kan wannan aiki ba.

Jami'ar ta sa aka kwashe duwatsun, ta canza tambayar. Ga kowane dutse a tambaya: idan wannan ya ƙi, ko ya yi shiru kawai, me zai tsaya, kuma na tsawon wane lokaci? Wanda ƙinsa zai kashe aikin ya sami 5, wanda zai jinkirta shi wata da watanni ya sami 3 ko 4, wanda ƙinsa ba zai hana a aza ko bulo ɗaya ba ya sami 1. A ɓangaren damuwa kuma tambayar ita ce: me wannan zai samu ko ya rasa a kowace rana idan famfo ya fara aiki? An kafa doka ɗaya, cewa ba a ba da maki sai da hujjar da za a iya faɗa da baki, kamar sa hannu, ko fili, ko kuɗi, ko mutanen da ke bin maganar mutum.

Da wannan tambaya wani dattijo da ba a ko kawo sunansa a zanen farko ba ya haye sama da kowa. Shi ne mai gonar da masu awo suka nuna a ce nan ruwa yake. Ba shi da sarauta, ba ya cikin kwamiti, amma in ya ce kada a taɓa gonar, motar haƙa ba ta da inda za ta tsaya. Maigari ya ce ai sun gaisa a masallaci, kuma ya ce ba komai, don Allah ne. Wani a kwamitin ya tuna cewa gonar gado ce da ba a raba ba, kuma ƙanen dattijon yana Abijan. Nan dutse ɗaya ya zama biyu. An ba dattijon iko 5, damuwa 5, an ba ƙanensa iko 4, damuwa kuwa 1, don bai ma san da maganar ba. Irin wannan mutum shi ne mafi haɗari a jadawalin: yana gidan masu iko da abin bai dama ba saboda labari bai kai shi ba, ranar da ya ji kuwa zai yi tsalle zuwa dama da fushinsa.

Abin da aka yanke a kansu bai tsaya a "za mu tuntuɓe su" ba. Maigari da liman suka taka har gidan dattijon, ba a aika masa ya zo ba. Liman ya ce masa: "Baba, sadaka ce mai gudana, amma kada mu bar wa 'ya'yanka shari'a. A kira ƙanenka ya ji da kunnensa." Aka kira shi a waya a gaban shaidu, aka auna filin da za a yanka, mita 20 a kan 20 da hanyar shiga, sannan kwamitin ƙasa na gari, wanda ake kira Kofob, ya rubuta takardar kyauta. Waɗannan kwamitocin ƙasa daga dokar karkara ta 1993 suka samo asali, kuma maigari ne ke shugabantar na gari, saboda haka ba sai an je nesa ba. Ƙanen ya kawo sharaɗi ɗaya, cewa kada hanyar dabbobi ta ratsa ragowar gonar. Da an ji wannan sharaɗi bayan an gina shato, da tsadarsa ta ninka.

Sarkin ƙasa ya sauko daga inda aka ajiye shi, amma ba da yawa ba. Ba daga wannan famfo zai sha ba, garuruwan da ke ƙarƙashinsa suna da yawa, don haka damuwarsa 2 ce. Ikonsa ya tsaya a 4, domin duk rigimar gona ko ta makiyaya da ta fi ƙarfin maigari gabansa za ta je. Mutum irin wannan ba a cika shi da taro. Gaisuwa biyu aka shirya masa, ɗaya kafin motar haƙa ta shigo, ɗaya kafin a buɗe famfo, kuma maigari ne mai kai maganar. Abin kiyayewa guda ne: kada ya fara jin labarin aikin daga bakin mai ƙara. Haka aka yi da ma'aikatar ruwa ta departama, sai dai ita takardu take so, sakamakon awon ruwa da zanen bututu, a kan lokaci, don ba a karɓar aiki sai ma'aikatanta sun duba.

Hukumar komin, wato ƙaramar hukuma, lamarinta daban ne, kuma a nan jadawalin ya nuna wani rauninsa. A tsarin Nijar, samar da ruwan sha a karkara yana wuyan komin, ita ke ƙulla yarjejeniya da wanda zai tafiyar da famfo, don haka tana gidan sama na dama. Kwamiti ya rubuta "magajin gari" a kan dutsen, ya kuma dogara da cewa mutumin nasu ne, ya sha zuwa garin. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun komin na ƙasar, aka naɗa jami'an riƙo. Ikon kujerar bai ragu ba, amma wanda ya zauna a kanta bai san garin ba, ga takardu jibge a gabansa, damuwarsa da wannan famfo ta faɗo daga 4 zuwa 1 a dare ɗaya. Abin da ya ceci aikin shi ne an riga an rubuta alkawuran a takardar zama mai sa hannu, kuma sakataren komin, wanda bai canza ba, yana da kwafinta. Daga nan kwamiti ya koma ajiye dutse biyu ga kowane ofis, ɗaya na mai kujera, ɗaya na ma'aikacin da ke riƙe da fayil.

'Yan bida ma sai da aka yi musu dogon tunani. Adar ƙasar masu tafiya bida ce, bayan girbi samari da magidanta suna fita zuwa Abijan da Najeriya da Libiya, kuma rabin kason kuɗin gari daga aljihunsu ake sa ran ya fito. Ikonsu 4 ne, ko da yake ba ɗayansu a zauren. Damuwarsu ba ta ruwan kansa ba ce sosai, ta kuɗin ce: sun taɓa tara wa wani aiki da ba su ga ƙarshensa ba. Sanarwar da ta dace da su ita ce lissafi. Duk ƙarshen wata ma'ajin kwamiti yana aika saƙon murya a zaurensu na WhatsApp, yana faɗin abin da ya shigo da abin da ya fita, da hoton shafin littafin kuɗi. An kuma ba su damar naɗa mutum ɗaya a gari da zai zama na uku a masu sa hannun cire kuɗi.

Inda nake ganin jadawalin yana ɓatar da mutane, idan aka bi shi ido rufe, shi ne gidan ƙasa na dama. Ka'idar ta ce a sanar da su. A wannan gari mata ne suka cika gidan, kuma su ne masu ɗiba, su ne masu biya. Gida mai mutum takwas zai buƙaci lita 160 a yini, bido takwas, sefa 80, wato jaka biyu da dala tamanin a wata. Sau da yawa wannan kuɗi daga sana'ar uwar gida zai fito, musamman da rani lokacin da maigida ba ya nan. A ce wa mai biyan wannan kuɗi "mun sanar da ke" raini ne, kuma kuskuren lissafi ne. Gaskiya matan ba za su iya hana a haƙa ba, shi ya sa aka ba su 1. Amma bayan buɗewa, in farashi bai yi musu ba ko wurin ɗiba ya yi nisa, ba za su yi gardama da kowa ba, za su koma tsohuwar rijiya da tabki. Famfon da aka lissafa zai shigo da jaka 24 a yini in an sayar da lita 48,000 sai ya koma shigo da rabi ko ƙasa da haka, kuɗin gyara ya gagara, ranar da injin ya lalace ya kwanta ke nan. Ikonsu a lokacin gini 1 ne, a lokacin gudanarwa 5 ne. Saboda haka aka zana jadawali biyu, na gini da na bayan gini, kuma aka yanke cewa duk wanda ke sama a na biyu, tun yanzu za a zauna da shi.

An yi zaman matan daban, a gidan shugabar adashi, da hantsi bayan an gama daka, ba a ranar kasuwa ba, kuma mace ce ta jagoranta. A taron gari na baya da aka yi a ƙofar maigari, matan sun zauna a baya, da aka tambaye su suka ce duk abin da aka yanke ya yi. A nasu zaman wata tsohuwa ta dubi jami'ar ta ce: "'Yata, wurin da kuka sa famfo na uku, bakin fadar samari ne. Wace matar aure ce za ta tsaya can da bido?" Aka matsa da shi zuwa bayan makaranta. Sun kuma ce lokacin da suka fi buƙatar ruwa asuba ne, alhali famfon hasken rana ba ya cika shato sai rana ta ɗaga. Maganin shi ne a rufe ɗiba da la'asar sakaliya don shato ya kwana da ruwa. Ba injiniyan da ya kawo wannan magana. A nan ma dutsen ya rabu: matan da ke kulle ba su ɗiba da kansu, 'yan garuwa ke kawo musu, kuma abin da ya dame su shi ne nawa ruwan zai kai in ya iso ƙofar gida.

Wannan ya kawo maganar 'yan garuwa, waɗanda zanen farko ya manta da su sam. Su goma sha ne, suna jan ruwa daga nesa a kura da jaki suna sayar da bido dala biyar. Famfo a kowace unguwa yana nufin cinikinsu ya karye. Damuwarsu 5, ikonsu 2. Jadawalin ba ya nuna ko mai damuwa yana so ne ko yana ƙi, mace mai murna da ɗan garuwa mai fargaba gida ɗaya suke faɗawa. Kwamiti ya gyara wannan da gawayi da alli: farin ɗigo ga wanda zai ƙaru, baƙi ga wanda zai rasa. Ƙaramin iko a hannun mai baƙin ɗigo ya isa a wayi gari an ga bututu a fashe, ko jita-jita ta bazu cewa ruwan yana da gishiri. Aka kira su tun kafin a ja bututu, aka ba huɗu daga cikinsu aikin tsaron wuraren ɗiba da karɓar kuɗi a kan kaso, sauran aka keɓe musu baki ɗaya a famfon kusa da shato don su ci gaba da kai wa gidajen kulle ba tare da bin layi ba.

Makiyaya su ne suka fi nuna cewa wurin dutse yana bin lokacin shekara. An yi zanen a watan Agusta, lokacin garkuna suna arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, tabkuna cike. Kowa ya ba su iko 1, damuwa 1. Amma burtali yana wucewa ta gabas da garin, kuma daga Maris zuwa saukar ruwan sama wata rugar Fulani da wasu Buzaye suna zama a kusa. Aka yi lissafi a ƙasa: shanu 300, kowace ta sha lita 30 a zafin bazara, lita 9,000 ke nan, ga ragowar famfo 8,000, kuma a daidai lokacin da mutanen gari da dabbobinsu suka fi shan ruwa. Wani ya ce a hana su kawai. Ba zai yiwu ba. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince da yawon kiwo a matsayin haƙƙi, kuma garke mai ƙishirwa da aka kora daga bakin ruwa ba ya komawa ta hanyar da ya zo, ta lambunan albasa yake bi. A jadawalin bazara sai suka koma iko 4, damuwa 5.

Kai musu magana ma sai da dabara. Sanarwa a masallacin Juma'a ko ta mai shela ba ta isa ruga. Maigari ya aika wa arɗo goro, aka haɗu ranar kasuwar dabbobi, da mai fassara zuwa Fulatanci duk da arɗon yana jin Hausa, don waɗanda suka rako shi su ji da kansu. Arɗo ya ce: "Ranka ya daɗe, ba kyauta muke nema ba. A faɗa mana kuɗin, a faɗa mana lokacin, kada a canza in mun iso." Aka daidaita a kan mashaya ɗaya a gefen burtali, nesa da gonar dattijo kamar yadda ƙanensa ya nema, ana buɗe ta daga azahar lokacin da shato ya cika kuma mata sun ragu, ana biya a kan kowane kai, kuma tsohuwar rijiyar siminti ta zama tasu da safe tunda gari zai rage jan ta. An rubuta cewa in ruwa ya gaza, mutane ne farko, kuma arɗo yana da wakili ɗaya a ƙungiyar masu amfani da ruwan.

Sauran duwatsun ba su ci lokaci ba. Daraktan lakkol da malamin likita sun nemi a ja musu bututu, aka rubuta buƙatarsu, aka ce sai an ga yadda ruwa ya wadata a bazarar farko. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke zuwa mako-mako aka bar su a gidan ƙasa na hagu, mai shela ya ishe su.

Wani abu da jami'ar ta nace a kai, kuma ina ganin ta yi daidai: ba a kafa wannan zane a bango. Takardar da ke cewa wane ba shi da iko, ko wane yana da baƙin ɗigo, in ta fita zaure ta zama zagi. Abin da aka kwafa a littafin kwamiti shi ne shirin da ya fito daga zanen, kowace ƙungiya da layinta: wa zai je wurinta, da wace magana, a ina, yaushe, kuma me ake so a dawo da shi. Layin da ba shi da sunan mai zuwa da rana, an ɗauke shi kamar ba a rubuta ba.

An tsayar da sake zanen sau uku a shekara, bayan girbi kafin 'yan bida su fita, a farkon bazara, da kuma bayan shuka. Tsakanin waɗannan, kwamiti yana duba wasu alamu da ke nuna dutse ya motsa ba a sani ba: wanda ya saba zuwa taro da kansa ya fara aiko yaro, ko kuɗin wurin ɗiba ɗaya ya faɗi alhali sauran suna nan yadda suke, ko maganar famfo ta fito a fadar sarki kafin ta zo zauren maigari. A zaman bazarar farko alama ta biyu ce ta bayyana, amma a juye. Awon ruwan da ke fita daga famfo na huɗu ya ninka da dare, kuɗinsa bai ƙaru ba. Da aka bi sawu, wani mai lambun albasa ne, wanda aka ajiye a gidan ƙasa na hagu tun farko don yana da rijiyarsa, rijiyar ta ƙafe, ya shirya da mai tsaron wurin. Ɗan'uwan maigari ne na jini, don haka ba a ba shi iko ƙasa da 3 ba, kuma aka ga maigari ba zai iya kai wannan magana ba. Liman da ma'aji aka tura, da lissafin litar da ta fita a rubuce, da tayin a sa masa mitar awo tasa ya riƙa biya a kan kuɗin gari, a lokacin da shato ke ambaliya kawai.